Jiƙon Farko

Shekara shida na yi a Kutonu ina aiki a wani ɗan shagon shan kafe kusa da tashar jiragen ruwa. Da wankin kofuna na fara. Mai shagon, wani dattijo da hannunsa ke rawa saboda tsufa, shi ya jawo ni gaban tebur wata rana ya ce hannunsa ya daina yi mishi biyayya, sai in ara mishi nawa. A wurinsa na koyi kafen da ake tacewa, ba irin na gwangwani da muka saba zuba wa ruwan zafi mu juya da cokali ba. Ana sa takarda cikin mazurari, a zuba garin kafe da anka niƙa yanzu, a bi shi da ruwa daga buta mai siririn baki, ya riƙa ɗiga cikin tulun gilashi.

Abin da ya fi wahalshe ni shi ne jira. Dattijon ya koya mini cewa ba a sakar wa gari ruwa gaba ɗaya. Da farko ana ɗan jiƙa shi ne kawai, da ruwan da ya ninka nauyinsa biyu, sai a ajiye buta. Nan take garin zai kumbura kamar ƙullun masa, ya yi ta fitar da ƙananan ƙwayoyin kumfa. Ya ce Turawa na kiran wannan buɗewar fure, ni kuwa jiƙon farko nake ce mishi. Iska ce da ke maƙalewa cikin ƙwayar kafe lokacin suya. Muddin tana ciki, ruwa ba ya ratsa garin, ture shi take yi, sai ya nemi wata kafa ya zurare ƙasa ya bar rabin garin bai jiƙu ba. In ka ba ta rabin minti ko fiye ta fita, sauran ruwan zai shiga ko'ina daidai. Sau nawa ya zubar da abin da na tace a gabana ban ƙirga ba.

Ciwon Inna ya maido ni garinmu, Malanville. Ƙafafunta sunka kumbura, ba mai zama da ita, ni ce babba. Kawuna, yayan Inna, yana da masaukin baƙi a kan hanyar da ta nufi gadar kan iyaka, ɗaki goma sha biyu da baranda mai rufin kwano. Masu fitar da kaya a duwan, wato kwastan, na kwana can, da injiniyoyin fadamar shinkafa, da fataken albasa idan kaka ta yi. Na roƙe shi ya ba ni lungu guda a barandar, ya ba ni. Mazurari da takardu da ɗan injin niƙa na hannu na zo da su daga Kutonu. Buta ce ban da ita, sai na tafi kasuwa wurin masu ƙera kwano, na zauna kusan yini guda ina kwatanta wa wani maƙeri irin wuyan da nake so, dogo, siriri, mai lanƙwasa. Sau uku yana cirewa yana sake liƙawa kafin ruwan ya fito yadda nake so.

Ɗan Kawu shi ne jeran na masaukin, wato mai kula da komi. Tobashina ne, tunda ubansa da uwata ciki ɗaya suke. Tun muna yara yake ce mini baiwarsa, ni ma in ce mishi bawana, a yi dariya. Wanda ya san tobasantaka ya san ba a fushi da abin da tobashi ya faɗa, ko mi zafinsa. Ya yi shekara biyu a makarantar aikin otal a Paraku, ya dawo da takardar shaida da ya rataya bayan teburinsa, kuma ko a watan da zafi ke narka kwalta ba ya rabuwa da ɗaurin wuya.

Wata biyar lafiya lau. Baƙi sunka fara zuwa da safe musamman don kafen, har da waɗanda ba su kwana wurinmu ba. Wata safiya wani injiniya ya shigo, tobashina ya miƙe da fara'a ya miƙa mishi hannu, mutumin ya gaishe shi sama-sama yana leƙen bayansa, ya ce, "Ina mai kafen?" Na ga fuskar tobashina a lokacin, amma ban ɗauke ta da muhimmanci ba.

Bayan kwana uku, ranar kasuwa, baranda ta cika. Na jiƙa gari na ajiye buta ina jira, idona a kan kumfa. Sai na ji muryarsa a kaina, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Ku yi haƙuri, baiwata tofi take yi wa kafen. Sai aljanun ciki sun amsa mata sannan ku sha."

Anka yi dariya. Ni ma na yi murmushi, don haka al'ada ta ce.

Ya fizge butar daga kan tebur. "Kawo nan. Ruwan zafi ne da gari. Wanda ya shiga lakwal ya yi boko ya san ba wani asiri a ciki." Ya kwarara ruwan gaba ɗaya har bakin mazurari, ya tsiyaye, ya rarraba cikin kofuna. Mutanen ranar direbobi ne masu sauri. Sunka zuba madarar gwangwani da sukari cokali uku-uku, sunka sha, ba wanda ya yi ƙorafi. Ya juyo ya dube ni ya buɗe hannuwa.

Da a nan ya tsaya da na manta. Amma da yamma Kawu ya kira ni ɗakinsa, bai dube ni ba yana magana. Ya ce an faɗa mishi ina ɓata wa baƙi lokaci. Ya gyara hula, sannan ya ce an kuma faɗa mishi da gangan nake jan aikin don in daɗe ina hira da maza, har ana maganar a tasha. Ya ce shi ba ya son abin da zai taɓa sunan ƙanwarsa tana kwance.

Na ce, "Kawu, wa ya faɗa?"

Ya ce, "Ba shi ne abin tambaya ba, ɗiyata. Daga gobe ki koma baya wurin wanki."

Ina da shekara talatin da ɗaya a lokacin, aurena ya mutu tun kafin in tafi Kutonu, kuma a garinmu magana irin wannan in ta hau kan bazawara ba ta sauka. Ban gaya wa Inna ba, amma wata maƙwabciya ta kai mata har gado. Na iske ta tana kuka ba sauti. Wannan kukan ne ban yafe ba.

Wata bakwai ina wankin zannuwan gado a bayan masaukin. Ruwan jabel da ake sa wa wanki don ya yi fari ya tsattsaga mini yatsu. Kayan aikina duka sunka zauna a baranda, tobashina ya ce na masauki ne tunda a masauki ake aiki da su. Daga inda nake shanya ina hango shi ta tagar madafa, riƙe da butata, yana kwarara ruwa daga sama kamar mai ban ruwan albasa.

Da farko ina kallo ne don in ƙara wa kaina haushi. Daga baya na fara kallo da idon aiki, sai na lura da abu guda: garinsa ba ya motsi. Ruwa na sauka, garin na kwance shiru kamar yashin bakin kogi. Ya daina sayen ƙwaya, ya jefa injin niƙan cikin kwali. Niƙaƙƙen gari yake saye a kanti, wanda ya yi watanni cikin leda, ya buɗe ya bar shi a buɗe. Irin wannan garin iskarsa ta daɗe da ficewa, ƙanshinsa ma ya bi ta. Ko ka jiƙa shi ko ba ka jiƙa ba, bambancin kaɗan ne, lami zai fito. Shi ya sa yake ganin ya yi gaskiya. Bai taɓa gamuwa da sabon kafe shi kaɗai ba. Ina tsaye da jiƙaƙƙen zane a hannu na san abin da zan yi.

Akwai wata mata 'yar Togo da ke zuwa kowace kakar albasa. Madam muke ce mata. Kawu ne ke haɗa ta da manoman ƙauyen Garu, ta cika manyan motoci ta yi kudu. Dangin mijinta na da gonar kafe a kan tsaunukan ƙasarsu, ita da kanta take soyawa, kuma ba ta ƙona shi ya yi baƙi ƙirin, tana sauke shi yana launin ƙasa. Lokacin da nake baranda ita ce ta kawo mini mafi kyawon ƙwayar da na taɓa niƙawa. Na kira ta a waya saura mako biyu ta taso.

Na ce, "Madam, in za ki zo ki riƙo wa Kawu kafe. Amma don Allah ki soya shi ana gobe za ki taso, ki ɗaure bakin ledar tam."

Ta ce, "Ke da kin san aiki? Sabon suya sai ya huta mako guda. Yanzu iska ce cike da shi, wuyar sarrafawa gare shi."

Na ce, "Na sani. Haka nake son shi."

Ta yi dariya ta ce to, tunda ni ce. Ba ta san an raba ni da buta ba, ni kuma ban faɗa mata ba.

Sauran aikin a wurin Kawu yake. Duk shekara yakan shirya wa Madam karin kumallo na girmamawa washegarin isowarta. Wannan karon na ji ya gayyaci wani Alhaji daga Gaya, can ƙetaren gada, babban dillalin albasa, wanda kowa ya san tobashina na neman ɗiyarsa. Na sami Kawu yana alwala na durƙusa.

Na ce, "Kawu, tunda Madam za ta kawo kafen gonarsu, ai da kyau a tace shi a gabanta, kan tebur, kamar yadda ake yi a manyan otal. Ga jeran da takardarsa. Alhaji ma ya ga irin surukin da zai samu."

Kawu ya dube ni da jin daɗi, ya ce ashe na huce. Ya sa mini albarka. Na karɓi albarkar ban ji kunya ba.

Madam ta iso ranar Laraba da la'asar, kwana biyu tana hanya. Ledar da ta miƙa wa Kawu ta kumbura kamar an hura ta. Ina ganinta na ji zuciyata ta yi sanyi.

Da safe anka shimfiɗa farin zane kan babban tebur, zanen da ni na wanke na goge. Mutum biyar ne zaune: Kawu, Alhajin Gaya, Madam, da wasu abokan cinikinta biyu. Ga burodi, ga ƙwai, ga soyayyen kifi daga kogi. Tobashina ya leƙo baya ya miƙo mini ledar da injin.

"Baiwa, niƙa mini wanga. Maza."

Na niƙa. Ina so a san wannan: ban cuce shi a niƙa ba. Na daidaita injin yadda ya kamata, garin ya fito kamar yashi mai ɗan kauri, ba laushin fulawa ba, ba tsaki ba. Na auna mishi daidai. Na tafasa ruwa na bar shi ya ɗan sauka daga tafasa. Har takardar na ɗauraye mishi da ruwan zafi don kar ɗanɗanonta ya shiga. Duk abin da mai aiki ke bukata na sa a tire na kai, na koma bakin ƙofar madafa na tsaya.

Tobashina ya fara da jawabi da Faransanci, ya ambaci Paraku sau biyu. Sannan ya ɗaga butar sama ya saki ruwa.

Garin ya taso mishi. Ban taɓa ganin kafe ya tashi haka ba, ko a Kutonu. Kumfa mai kauri ta yunƙuro, ta ɗauko busasshen gari dunƙule-dunƙule a kanta, ta haye bakin takardar. Da ya tsaya nan ya jira, da ta lafa. Amma shi a saninsa ruwa ke kwantar da gari, sai ya ƙara. Ta malalo ta bayan takardar, ta gangara cikin tulun da tsaki, wani kuma ya bi gefen mazurari ya sauka kan farin zanen, ya miƙe ya nufi hannun rigar Alhaji. Alhaji ya janye hannu da sauri.

Tobashina ya yi dariyar yaƙe. "Ƙarfi gare shi, kafen Madam."

Bai fi minti ɗaya da rabi ba ruwan ya gama wucewa. Ya zuba musu. Madam ba ta sa sukari ba, ba ta taɓa sawa. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye da ƙyar. Ta ɗaga kofin ta duba cikin haske, ruwa-ruwa ne, ga tsaki na yawo.

Ta ce, "Wannan tsami ne zalla. Kamar an jiƙa tsamiya an ƙara ruwa. Ba kafena ba ne."

Alhaji ya kurɓa don ya ga gaskiya, ya yamutsa fuska, ya ajiye. Kawu ya ce a sake.

Tobashina ya kwaso kayan ya shigo madafa, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Ya rage murya.

"Mi kika yi mishi?"

"Niƙa ka ce, na niƙa."

"To mi ya sa shina tashi haka?"

Na ce, "Aljanun ciki ne. Ba ka yi musu tofi ba."

Ya dube ni kamar zai mare ni. Sannan ya haɗiye fushinsa, don ana jiransa. "Don Allah, tobashiya. Faɗa mini abu guda."

Shekara da shekaru bai ce mini don Allah ba. Na sake niƙa mishi wani, na auna, na ce, "Ka cika gaggawa. Zuba a hankali."

Ba ƙarya na yi ba. Saurin zubi na sa ruwa ya taru a sama, ya bi ta jikin takarda ya wuce bai daɗe da garin ba, sai ya kwaso tsami kawai ya bar zaƙin a baya. Amma rabin magana na ba shi. Ban ce mishi jinkirin ma yana da iyaka ba, ban kuma ce ya riƙa zagayawa ba.

Ya koma ya yi a hankali. Ya kafa bakin butar a tsakiya, wuri ɗaya, yana sakin ruwa ɗigo-ɗigo kamar mai sa magani a ido, don tsoron kar kumfar ta sake tasowa. Rami ya buɗe a tsakiyar garin, ruwan duka na bi ta nan, gefe kuwa ya kumbura ya tsaya rabinsa a bushe. Minti uku, minti biyar. Hira ta mutu a teburin. Ana jin kabu-kabu na wucewa a titi, da wani kamyo, babbar motar kaya, da ke ta hon a hanyar gada. Butar ta fara yi mishi nauyi. Ɗaya daga cikin abokan Madam ya dubi agogo, ya sake duba. Da ƙyar ya gama a minti na tara, ruwan butar ma ya huce.

Madam ta kurɓa ta rufe ido. "Yanzu kuma ɗaci. Ya kama mini harshe kamar ɗanyen goro, kuma ba zafi." Ta juya ga Kawu. "Ina yarinyar da ke tace kafe a nan bara? Ita ce ta ce in kawo wannan."

Kawu ya waiwayo ya gan ni a bakin ƙofa. Ina ganin lokacin da ya fara fahimta. Ya yi mini alama da hannu.

Na wanke hannu na fito. Na tsaya gaban tobashina na miƙa hannu har ya sa mini butar a ciki. Na sa anka kawo sabon ruwan zafi. Na niƙa giram talatin a gabansu, na kofi biyu, don mazurarin ba ya ɗaukar na mutum biyar a zubi ɗaya, abin da shi bai taɓa tambaya ba. Na daidaita saman garin. Na zuba ruwa kaɗan, kamar giram sittin, daga tsakiya zuwa gefe, har ko'ina ya jiƙu, na ajiye butar.

Garin ya kumbura ya yi tozo, kumfa na fashewa a kansa ɗaya bayan ɗaya. Ƙanshi ya cika barandar, irin wanda bai fito ba a zubi biyun farko. Alhaji ya matso da kujerarsa.

Ya ce, "Ɗiyata, mi kike jira?"

Na ce, "Iska ce ke fita, Baba. Sabon suya ne, kwanansa uku. In ban bar ta ta fita ba, ruwa ba zai shiga ba. Wanda ya daɗe da suya rabin minti ya ishe shi. Wanga sai ya yi minti guda."

Na jira har tozon ya daina motsi ya fara sauka. A cikin wannan minti ɗin na ɗaga kai na dubi tobashina, na bar idona a kansa. Ban taɓa jin daɗin jira kamar na ranar ba.

Sannan na zuba sauran a zubi uku. Bakin butar kusa da garin, ruwan siriri kamar karan tsintsiya, ina zagayawa daga ciki zuwa waje in dawo, ba na taɓa takardar. Duk lokacin da ruwan ya kusa bayyana garin sai in ƙara. Rabin lita ya wuce a cikin minti uku da rabi. Da ya tsiyaye, garin ya kwanta sumul a ƙasa, ba rami, ba busasshen gefe.

Na ba Madam da Alhaji. Madam ta kurɓa, ta sake kurɓa. Ta ce, "Yauwa. Ga gonarmu." Alhaji ya miƙa hannu zai ɗauki sukari, ta riƙe mishi hannun riga ta ce ya ɗanɗana tukuna. Ya ɗanɗana, ya ce ikon Allah, ashe abin na da zaƙinsa. Ya juya ga tobashina da murmushi irin na manya.

"Jeran, a Paraku ba a kai ga wanga darasi ba?"

Kowa ya yi dariya, har Kawu, ko da yake tasa ba ta kai ciki ba. Na ce, "A yi mishi haƙuri, Baba. Bawana ne, ban gama koya mishi ba." Anka ƙara dariya. Dole shi ma ya buɗe haƙora, don haka al'ada ta ce. Na tace wa sauran nasu, na naɗe zanen da ya ɓaci na ajiye mishi a kan teburinsa, ƙarƙashin takardar shaidar.

Da baƙi sunka watse Kawu ya kira mu mu biyu. Ya ce in koma baranda. Na ce ba zan koma ba sai an wanke ni daga maganar maza, kuma ba a ɗaki ba, a gaban Inna. Kawu ya ce abin ya wuce, a bar shi. Na ce a wurina bai wuce ba. Ban taɓa mayar wa Kawu magana ba sai ranar, kuma ban janye ba.

Bayan la'asar sunka zo gidanmu. Tobashina ya durƙusa gaban gadon gwaggonsa, ya cire ɗaurin wuyan ya cusa a aljihu. Ya ce maganar da ya kai wa mahaifinsa ba ta da tushe, wasa ne ya yi nisa. Na ce ban ji ba, ya ɗaga murya, don na san maƙwabciyar nan na bayan zana. Ya maimaita. Inna ta ce Allah ya shirya mu duka, ta juya fuska ga bango.

Labarin kumfar bai tsaya a masauki ba. Ɗaya daga cikin abokan Madam ya ba da shi a kasuwar albasa, 'yan kabu-kabu sunka ɗauka, kafin mako ya zagayo ya ƙetare gada. Har yau in ya wuce tasha akwai mai tambayarsa ko kafen ya lafa. Auren dai an yi, Alhaji ba mutumin da zai fasa ba da ɗiya don kafe ba ne. Amma an ce ranar ɗaurin aure da anka kawo shayi, wani ƙanen amarya ya ce kar a bari ango ya zuba. Da anka ba ni labari sai da na zauna don dariya.

Wadda ban yi lissafi da ita ba ita ce Madam. Ana gobe za ta koma, motocinta sun cika, ta zo ta zauna a lunguna ta ce in tace mata. Tana sha tana kallona.

Ta ce, "Kin san abin da zai faru lokacin da kika kira ni."

Na ce, "Na sani."

"Kin san ba ke za ki zuba ba."

Na ce e. Na ba ta labarin duka, wanki da jabel da kukan Inna. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Ya cuce ki, ban musa ba. Amma kafen nan surukata ce ta tsinke shi da hannunta, ɗaya-ɗaya, tana da shekara saba'in. Ni na tsaya kan wuta na soya shi. Zubi biyu kika bari anka zubar a kwata don ki rama. Da kin faɗa mini gaskiya, da na zo na yi wa kawunki magana da bakina."

Na ce, "Da magana ce da ba ta ishe ni ba, Madam."

Ta ajiye kofin ta ce ta ji. Ta gaishe ni da kyau ta tafi. Kakar da ta biyo ta zo ta sayi albasarta, ta kwana a masaukinmu, ta sha abin da na tace mata, amma ba ta kawo ko ƙwaya ɗaya ba. Shekarar nan duka daga Paraku nake sa direbobi su riƙo mini, wani lokaci mai kyau, wani lokaci wanda ya kwana a shago har ya mutu. Sai a kaka ta uku ta sauko daga mota ta miƙo mini leda. A jikin ledar ta rubuta ranar suya da babban rubutu, kwana goma cif da soyawa.

Inna ta rasu a damanar da ta biyo. Kafin nan ta taɓa tambayata, ina shafa mata mai a ƙafa, ko na yi nadamar kunyata ɗan yayanta a gaban surukinsa. Na ce mata na ji zafin ɓata wa Madam rai, wannan gaskiya ne. Ta ce ba shi ta tambaya ba. Na ce a'a, Inna, ban yi ba. Ta ja tsaki ta ce in matsa wurin idon sawu, nan ne ke mata ciwo.